Uwa da Riba: Yadda Lissafin Farashi Ke Yaudarar Mai Gidan Burodi

Duk wanda ya taɓa tsayawa ciniki a Singa ko Kantin Kwari ya ji mai kaya yana rantsuwa cewa tayin da aka yi masa ko uwar kuɗi bai kai ba. Ga ɗan kasuwar da ya sari katan ya sayar da katan, maganar a fili take, domin uwar kuɗi ita ce abin da ya biya da kuɗin dako. Amma ga mai sarrafa kaya, kamar mai gidan burodi ko mai injin casar shinkafa ko mai kamfanin fiya wata, uwar kuɗi kashi biyu ce, kuma wadda ya zaɓa ya ɗora riba a kanta tana iya tashin sana'arsa ko ta kwantar da ita.

Hanyar da akasarin masu sana'a ke bi wajen yanka farashi ita ce su tara abin da suka kashe, su ɗora wani kaso a kai a matsayin riba. Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake yin haka ba. A 1939 wasu masana tattalin arziki biyu na Jami'ar Oxford, Hall da Hitch, sun wallafa sakamakon tattaunawar da aka yi da masu kamfanoni 38 a Birtaniya, inda suka tarar mafi yawansu ba sa bin lissafin da ake koyarwa a aji. Cikakken kuɗin da suka kashe suke haɗawa su ɗora riba. Tun kafin wannan da ƙarnuka, malaman fiƙihu sun yi bitar batun a babin murabaha, wato cinikin da mai kaya ke bayyana kuɗin saye da ribar da ya ɗora. A Muwaɗɗa, Imam Malik ya rarrabe kuɗaɗen da ake kashewa a kan tufafi: na rini da ɗinki ana haɗa su da uwar kuɗi a ci riba a kansu, na dako ana lissafa shi amma ba a cin riba a kansa sai an sanar da mai saye, kuɗin hayar ɗaki kuwa ba ya shiga. Tambayar dai guda ce tun wancan zamani: wane kuɗi ne na kayan, wane ne na shagon?

Kuɗi mai bin kaya da kuɗi tsayayye

A ɗauki wani gidan burodi a matsayin misali. Alƙaluman da za su biyo baya an zaɓe su ne don sauƙin lissafi, kowa ya sa nasa a gurbinsu. Gidan yana kwaɓa buhu 10 na fulawa a rana, kowane buhu yana ba da burodi 100, wato burodi 1,000 a rana, 30,000 a wata. Idan aka matsa wa tanda, za ta iya gasa 45,000.

Akwai kuɗin da ke bin kowane burodi. In buhun fulawa naira 60,000 ne, fulawar da ke cikin burodi ɗaya ta naira 600 ce. Sukari da yis da bota da gishiri sun ci 120, itace da leda 50, ladan masu kwaɓi da ake biya bisa buhu 30. Jimla naira 800. Ranar da ba a kwaɓa ba, wannan kuɗi ba ya fita, ranar da aka ninka aiki shi ma ya ninka.

Akwai kuma kuɗin da babu ruwansa da ko an gasa ko ba a gasa ba. Haya, albashin manaja da direbobi da mai gadi, kuɗin wuta da man janareta, gyaran motocin raba kaya, haraji, da abin da ya kamata a riƙa warewa saboda injin kwaɓi da tanda suna tsufa. A ce duka sun kama naira miliyan 6 a wata. Wannan shi ne kuɗi tsayayye.

Mai bin hanyar cikakken kuɗi zai raba miliyan 6 a kan burodi 30,000, kowane ya ɗauki naira 200. Ya haɗa da 800, uwar kuɗi ta zama 1,000. Ya ɗora kashi 10 cikin 100, farashi ya tsaya a 1,100, ribar wata ta zama miliyan 3.

Mai bin hanya ta biyu ba ya raba komai. A kan naira 800 kaɗai yake ɗora kasonsa, sai dai kason dole ya yi kauri, domin a cikinsa za a biya haya da albashi kafin a ga riba. In yana son ribar miliyan 3, zai haɗa ta da miliyan 6, ya raba miliyan 9 a kan miliyan 24 da kayan haɗi ke ci a wata, ya sami kashi 37.5 cikin 100. Ya ɗora wannan a kan 800, farashi ya zama 1,100.

Hanyoyin biyu sun kai gida ɗaya, kuma dalilin shi ne dukkansu sun dogara da hasashen cewa za a sayar da burodi 30,000. Mai gidan yana ganin lissafi ne ya ba shi farashi, alhali a cikin lissafin akwai adadin da ya ɗauka za a saya, adadin kuma farashin ne ke yanke shi. Da zarar ciniki ya kauce wa 30,000, kowace hanya za ta fara ba da amsar da ba daidai ba, kowace da irin tata.

Inda cikakken kuɗi ke ɓatar da mai shi

A ce an buɗe sabon gidan burodi a unguwar, ciniki ya sauka zuwa 20,000. Akawu ya sake raba miliyan 6, yanzu kowane burodi ya ɗauki 300. Uwar kuɗi ta hau 1,100, farashi da riba ya zama 1,210. Fulawa ba ta tashi ba, sukari bai tashi ba, amma takarda ta ce a ƙara kuɗi, a daidai lokacin da masu saye suka sami wani wurin zuwa.

Mai shayi ba ya duba littafin kowa. In ya ga burodi mai girma ɗaya a 1,100 a maƙwabta, can zai koma. A ce ciniki ya sake faɗowa zuwa 12,000. Kowane burodi yanzu yana ɗauke da naira 500 na haya da albashi, uwar kuɗi 1,300, takarda ta ce a sayar 1,430. Haka za a yi ta yi, ƙarin farashi yana korar masu saye, raguwar masu saye tana jawo wani ƙarin, har a sa wa gidan kwaɗo.

Abin da ya kamata a duba shi ne rarar da kowane burodi ke bari bayan an cire naira 800. A farashin 1,100 rarar 300 ce, sau 20,000 ta ba da miliyan 6 cif, ba riba ba faɗuwa. A farashin 1,210 rarar 410 ce, amma sau 12,000 ta tsaya a miliyan 4.92, faɗuwar fiye da miliyan 1. Wannan ba ya nufin ƙarin farashi kuskure ne a koyaushe. Da gidan zai iya riƙe cinikin burodi kamar 14,700 a sabon farashin, da ƙarin ya biya. Matsalar ita ce hanyar cikakken kuɗi ba ta tambayar nawa za su tsaya nawa za su tafi, amsar kuma tana wurin masu saye, ba ta cikin littafin akawu.

Haka take yi ta ɗaya ɓangaren. In kasuwa ta buɗe har ana sayar da 40,000, rabon kowane burodi ya sauko 150, takarda ta ce a rage farashi zuwa 1,045, alhali dillalai suna layi tun asuba suna rububin kaya.

Wuri na biyu da take ɓatarwa shi ne odar musamman. Wata makarantar kwana ta zo tana son burodi 6,000 a wata a kan naira 920, motarta ce za ta zo ɗauka. Manaja ya duba ya ga uwar kuɗi 1,000, sai ya ce albarka, domin a ganinsa faɗuwar naira 80 ce a kowane burodi. Amma haya an riga an biya ta, mai gadi zai karɓi albashinsa ko da makaranta ko babu, tanda kuma tana da sararin 15,000. Abin da odar za ta ci shi ne 800 kawai, ta bar 120 a kowane burodi, wato naira 720,000 a wata da manajan ya kora da bakinsa.

Wuri na uku ya shafi gidan da ke yin kaya fiye da iri ɗaya. A ce ana yin ƙaramin burodi mai cin kayan haɗi na naira 200, ana sayar da shi 300. In akawu ya raba kuɗi tsayayye bisa ƙidaya, babba da ƙarami kowa 200, ƙaramin zai nuna uwar kuɗi 400, a ce yana jawo asara, a daina yin sa. Bayan an daina, miliyan 6 tana nan yadda take, sai dai rarar naira 100 da kowane ƙarami ke kawowa ta tafi, nauyin ya koma kan babban. Da an raba bisa nauyin fulawa ko daɗewa a tanda, da ƙaramin ya fito da riba a takarda. Burodin bai canza ba, ma'aunin rabon ne ya canza, kuma babu ma'aunin da za a ce shi ne na gaskiya, tunda haya ba ta wani burodi ba ce shi kaɗai.

Inda kuɗi mai bin kaya ke ɓatar da mai shi

Wanda ya karanta abin da ya gabata zai iya cewa to a yi watsi da rabo, a tsaya a kan 800. Nan ma akwai rami, kuma masu ƙananan sana'o'i sun fi faɗawa cikinsa.

Sabon mai gidan burodi ya lissafa kayan haɗi 800, ya ɗora kashi 20 cikin 100, ya ga ai ya ci riba mai kyau, ya sa farashi 960. Kullum da yamma kuɗi na shigowa, ana sayen fulawar gobe, har da ragowa a aljihu. Amma rarar 160 sau 30,000 miliyan 4.8 ce, kuɗi tsayayye kuwa miliyan 6. Duk wata yana faɗuwa da miliyan 1.2 bai sani ba, domin manyan kuɗaɗen ba kullum suke zuwa ba. Haya sai shekara, injin kwaɓi sai ya tsaya, mota sai ta buƙaci sabon inji. Ranar da suka zo babu abin biya, sai bashi ko sayar da fili. A wannan farashi sai ya sayar da burodi 37,500 kafin ya fita daga faɗuwa. Wannan ne ya sa ake ganin gidan da ciniki ke ta tafiya, masu saye ba sa yankewa, kwatsam a wayi gari ya rufe.

Ita ma odar makarantar da ta yi kyau a baya, sharuɗɗa ne suka sa ta yi kyau. Na farko, kada ta jawo sabon kuɗi tsayayye. In makarantar ta ce sai burodi ya isa kafin kalaci, aka buɗe aikin dare da albashin 500,000 da ƙarin man janareta na 300,000, rarar 720,000 ta koma faɗuwar 80,000. Kuɗi tsayayye yana tsayawa ne zuwa wani mataki, in aiki ya wuce nan sai ya yi tsalle gaba ɗaya.

Na biyu, kada farashin ya fita waje. Magana ba ta ɓuya a kasuwa. Direban makaranta ya gaya wa mai shayi, mai shayi ya gaya wa dillali, kowa ya zo yana cewa: "Alhaji, mu da muke tare da kai shekara da shekaru, a yi mana yadda aka yi musu mana." In kowa ya samu a 920, rarar 120 sau 36,000 miliyan 4.32 ce, gidan da ke cin ribar miliyan 3 ya koma faɗuwar miliyan 1.68. Ana kare wannan ta hanyar bambanta kayan, a canza girma ko leda ko a yi shi babu lakabi, a kuma rubuta adadi da wa'adi a yarjejeniya.

Na uku, tanda ta kasance da sarari. In gidan yana gasa 45,000 yana sayar da su duka a 1,100, kowane burodin da aka ba makaranta a 920 an ƙwace shi ne daga mai biyan 1,100. A nan lissafin 800 yana nuna ribar 120, gaskiyar kuwa asarar 180 ce. Idan kayan aiki sun cika maƙil, ƙasan farashi shi ne abin da wani mai saye zai biya, ba kuɗin kayan haɗi ba.

Akwai kuma kuɗaɗen da ke bin kaya amma ba a rubuta su. Burodin da ya yi kwantai dillali ya dawo da shi, wanda ya ƙone, wanda ma'aikata suka ci, la'adar mai rabawa, da bashin da ba ya dawowa. In a kowane 100 ana asarar 5, kuɗin burodi 100 yana kan 95 ne, wato kusan naira 842 maimakon 800. Rarar odar makaranta, in ita ma da irin wannan asara, ta ragu daga 120 zuwa 78.

Cutar da ta kama su duka

Hanyoyin biyu suna duban baya, domin da rasiɗin jiya suke aiki. A lokacin da farashi ke zaune wannan ba ya cutarwa. Amma 'yan Najeriya sun ga wani yanayi daban tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, aka kuma saki naira a watan Yuni. Mafi yawan alkamar da ake niƙawa a ƙasar daga waje take zuwa, saboda haka faɗuwar naira ta shiga buhun fulawa kai tsaye. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta kai kuɗin wutar rukunin Band A naira 225 a kowane yunit, ninki fiye da uku, a Disambar shekarar kuma hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100.

A irin wannan hali, mai gidan da ya tara fulawa a 60,000 yana ci gaba da lissafin naira 600 a burodi, alhali buhu ya koma 70,000 a Singa. Littafi zai nuna riba, amma in sito ya ƙare kuɗin da ya tara ba zai sayi buhunan da ya cinye ba. Da farashin da zai maye kayan ya kamata ya yi lissafi, wato 700. Haka tanda da janareta: abin da ake warewa saboda tsufansu ya dace a auna shi da kuɗin sabo a yau, in ba haka ba ranar canji ajiyar ba za ta kai ko'ina ba.

Wani ƙaramin ruɗani da ke cin mutane shi ne kaso a kan uwa da kaso a cikin ciniki. Wanda ya ɗora kashi 25 a kan naira 800 ya sayar 1,000, ribarsa kashi 20 ce ta kuɗin ciniki. In dillali ya nemi ragin kashi 20 daga farashi ya amince, yana zaton ya rage masa 5, ya koma 800 daidai, bai ci ko kwabo ba.

Wace ake ɗauka, yaushe

Kowace hanya tana da tambayar da take amsawa daidai. Kuɗi mai bin kaya yana nuna ƙasan da ba a sauka ƙarƙashinsa a ciniki ɗaya na ɗan lokaci, idan akwai sarari kuma ragin ba zai bazu ba. Cikakken kuɗi yana nuna abin da matsakaicin farashin shekara dole ya haura in ana son sana'ar ta rayu, ta kuma sabunta kayan aikinta. Ya fi dacewa da aikin da ba shi da farashi a kasuwa, kamar kwangilar gini ko ɗinkin kayan makaranta na musamman, inda mai ba da aiki ke son ganin yadda aka haɗa kuɗin. Mai amfani da shi ya raba kuɗi tsayayye a kan cinikin da ya saba yi a shekara, ya bar adadin a haka, kada ya sake rabo duk watan da kasuwa ta ja baya.

Alamomin ɓata a bayyane suke. In littafi ya ce uwar kuɗi ta tashi alhali babu abin da ya ƙara tsada a kasuwa, rabon kuɗi tsayayye ne ke magana. In kuma ciniki na ƙaruwa amma duk lokacin haya sai an ciyo bashi, kason da aka ɗora a kan kayan haɗi ya yi siriri. Lissafi ɗaya yana tona duka biyun: a raba kuɗi tsayayye na wata da rarar burodi ɗaya, a ga adadin da dole a sayar. A misalin nan, 20,000 ne a farashin 1,100, 37,500 a 960, 50,000 a 920. Tandar gidan ba ta wuce 45,000, saboda haka 920 farashi ne da za a iya yi wa makaranta ɗaya, amma ba za a iya yi wa gari duka ba.